Hotunan mota a talla: gane na sata, da wanda aka taɓa, da wanda ba a garin aka ɗauka ba

Assalamu alaikum. Na ga tallar Corolla 2010, tokumbo, ruwan azurfa, a Facebook. Mai tallar ya ce tana Kaduna, ni kuma ina Kano. Ya turo min hotuna tara ta WhatsApp, motar fes, kuɗinta kuma ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Ya ce in tura naira 300,000 kafin alƙalami ya riƙe min ita, wai masu so sun yi yawa. Ta yaya zan gane hotunan nata ne da gaske, kuma ba a ɓoye min wani lahani ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura ko sisi tukuna. Hoto yana iya tona ƙarya, amma ba ya iya zama shaidar lafiyar mota, saboda haka duk binciken da zan bayyana maka aikinsa ɗaya ne: ya gaya maka ko motar ta cancanci ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna da bakanikenka, ko ka share lambar mutumin ka huta. Abubuwa uku za ka bincika, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Na farko, shin hoton nasa ne. Na biyu, shin mota ɗaya ce a duk hotunan, kuma a wurin da ya ce take. Na uku, shin an taɓa hoton. Mutane sukan fara da na ukun, su ɓata sa'a guda suna zuƙo ƙofar mota suna neman alamar gogewa, alhali yawancin damfarar ba ta buƙatar gyaran hoto ko kaɗan. Satar hoton wani ta fi sauƙi, ƙin ɗaukar gefen da ya lalace kuma ya fi duka sauƙi.

Fara da neman asalin hoton. Ka buɗe kowanne a Google Lens, kada ka tsaya a sakamakon farko, domin zai zubo maka Corolla masu launin azurfa ɗari waɗanda ba ruwanka da su. Ka shiga sashen Exact matches, wanda ke nuna shafukan da wannan hoton kansa ya bayyana. Sannan ka sa shi a TinEye ka zaɓi Oldest, don ka ga inda ya fara fitowa da kuma ranar. Yandex Images shi ma yana da amfani, don wani lokaci yakan kama abin da sauran suka rasa. Abin da zai tabbatar maka hoto ɗaya ne ba motar ba ce, tunda duk Corolla na shekara ɗaya kamarsu ɗaya. Bayanta za ka duba: tsagar da ke jikin katanga, motar da ke fake a gefe, yadda aka karkata tayar gaba, tabon mai a ƙasa. Idan waɗannan sun zo ɗaya, hoto ɗaya ne.

Masu satar hoto sun san ana wannan binciken, don haka sukan yanke gefen hoton, ko su ƙara masa haske, ko su juya shi hagu ya koma dama. Juyin yana da sauƙin kamawa in ka san inda za ka duba. Sitiyari zai koma hannun dama, alhali motocin da ake hawa a Nijeriya na hagu ne. Rubutun COROLLA a jikin but zai karantu a baibai. Murfin tankin mai na wannan Corolla a gefen hagun motar yake, to idan ka gan shi a gefen dama, an juya hoton. Ka juya shi da kanka a manhajar hotuna ta wayarka ka sake nema. Ka kuma yanke motar ka nemi bayanta kaɗai, domin wani lokaci ginin da ke baya ne zai kai ka ga garejin da ya mallaki hoton. Kwafi jimla ɗaya daga rubutun tallar ma ka nema a Facebook da Jiji, saboda mai satar hoto yakan kwashi rubutun har da kuskurensa.

Abu biyu za ka riƙe game da sakamakon. Rashin samun hoton a ko'ina ba ya wanke mutumin, domin waɗannan manhajoji ba sa ganin abin da ke cikin zaurukan WhatsApp, da na Facebook da aka rufe, kuma nan ne mafi yawan hotunan motoci ke yawo. Haka kuma samun hoton a wurin mutum uku ba lallai damfara ba ce. A kasuwar mota tamu, mota ɗaya tana iya samun dillalai biyar, kowa ya ɗora hotunan da mai garejin ya rarraba, ya ƙara nasa a kan kuɗin. Abin da ke raba dillali da ɗan damfara shi ne wannan: idan duk tallan suna cewa gari ɗaya, cikin makonni kaɗan, kuɗinsu kuma kusa da juna, dillalai ne. Idan hoton ya fito a Legas shekara biyu da suka wuce, ko tallar gaskiyar tana nan da kuɗi mai tsada shi kuma naka ya zabtare kashi ɗaya cikin uku, to wanda kake magana da shi bai taɓa riƙe makullin motar ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ga abin da ya fi binciken hoto ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma nan nake so ka fi ba da lokacinka: lambar casis, wadda a takardu da shafuka ake rubutawa VIN. Ka ce ya ɗauko maka ita a wuri biyu. Ɗaya tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ana karanta ta daga waje. Ɗayar tana kan sitika a jikin ginshiƙin ƙofar direba in an buɗe. Haruffa da lambobi ne 17, kuma babu I da O da Q a cikinsu, don kada a rikita su da 1 da 0. Wanda ya turo maka lambar a rubuce ba a hoto ba, ka ce hoto kake so. Wanda ya ce ba ya ba da lambar casis sai an biya, babu sauran magana tsakaninku, domin lamba ce da duk mai wucewa ta gefen motar zai iya karantawa.

Corolla 2010 da aka yi wa kasuwar Amurka ta Arewa tana farawa da `2T1` idan a Kanada aka haɗa ta, `1NX` idan a Kaliforniya, `JTD` idan daga Japan ta fito. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: `9` na nufin 2009, `A` 2010, `B` 2011, `C` 2012. Wannan harafi ɗaya yana da daraja, domin an sauya wa Corolla bamba da fitilu a ƙirar 2011, kuma masu gyara sun ƙware wajen sa wa tsohuwa sabuwar fuska. Idan fuskar ta 2011 ce harafin kuma `9`, an sauya gaban, sai ka tambayi dalili: ado ne, ko gaban asalin ne ya murƙushe? A kan sitikar ƙofa akwai wata da shekarar da aka ƙera motar, da kuma lambar fenti bayan `C/TR`. Ruwan azurfa na Toyota na wannan zamanin `1F7` ne, fari kuma `040`. Sitika ta ce `040` mota kuma azurfa, ka san an yi mata fenti gaba ɗaya, ko kuma sitikar ba tata ba ce.

Daga nan ka rubuta lambar duka a Google. Tokumbo da yawa da ke shigowa daga Amurka ta gwanjon Copart ko IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Kowace mota ana ɗaukarta hoto ta kowane gefe kafin gwanjo, har da mita, kuma akwai shafuka irin su bidfax da stat.vin da ke ajiye waɗannan hotuna bayan an sayar. Idan motarka ta bi ta can, akwai kyakkyawan zaton za ka gan ta yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Ka karanta Primary Damage da Secondary Damage, wato babban lahani da ƙarami, ka karanta Odometer. Front End bugun gaba ne. Water/Flood ruwa ne ya ci ta, kuma a ganina irin wannan ba ta da ciniki ko nawa aka rage, saboda wayoyi da kwamfutar mota sukan ci gaba da ruɓewa a hankali watanni bayan ta bushe. Bugun gaba kuwa ba duka ne abin gudu ba. Motar da bamba da fitila kaɗai suka fashe, aka gyara da kyau, aka kuma faɗa maka aka rage kuɗi, ciniki ne na halal. Abin dubawa a hoton gwanjon shi ne ko jakar iska ta fashe, ko bugun ya wuce lagireto ya kai ƙarfen casis, ko tayar gaba ɗaya ta ja baya. Idan ba ka samu komai ba, rahoton tarihin mota na kuɗi daga Carfax ko AutoCheck zai nuna mitar da aka rubuta a shekarun baya. Ka saya da kanka. Rahoton da mai sayarwa ya turo maka a hoto ko fayil, sauya lambobin cikinsa aikin minti biyar ne.

Bincike na biyu ba ya buƙatar manhaja, ido kawai yake so da haƙuri. Ka jera hotunan tara ka manta da kyan motar, ka kama ƙananan abubuwan da ba sa sauyawa. Wilin tayoyi iri ɗaya ne a ko'ina? Zanen taya fa? Launin kujeru da ake hangowa ta gilashi a hoton waje ya yi daidai da na hoton ciki? Akwai sitika a gilashin baya a hoto ɗaya, babu a wani? Tambarin but ya ce samfurin LE ce alhali hoton gaba yana nuna fitilun hazo da ƙarin leɓen bamba irin na samfurin S? Ɗan damfara yakan haɗa hotunan mota biyu ko uku masu launi ɗaya, musamman hoton ciki da na injin, don su ne ba a cika kula da su ba.

Sai ka duba wurin. Hoton cikin mota shi ne ya fi tona asiri, domin mai ɗauka yana kallon kujeru, ya manta tagogi da madubai suna nuna waje. Ka zuƙo gilashin gefe da madubin baya. Idan hotunan waje a kan intalok suke cikin gida mai katanga, na ciki kuma ana hango fili mai tsakuwa da layin motoci da suka yi hatsari, to na cikin daga filin gwanjo aka kwaso shi. Rubutun alli ko na alƙalamin maka a gilashin gaba, da sitika mai lambar gwanjo, su ma alama ce, duk da cewa wasu dillalai da gangan suke barin su don nuna motar sabuwar sauka ce. Lambobin motocin da ke kewaye suna magana: ta Kaduna tana ɗauke da Centre of Learning, ta Kano Centre of Commerce, ta Legas Centre of Excellence, ta Abuja Centre of Unity. Mota ɗaya mai lambar Legas a Kaduna ba komai ba ce, amma idan duk na kewayen na Legas ne ga kuma bas mai ruwan ɗorawa da baƙin layi tana wucewa, ba a Kaduna aka ɗauka ba. Allon shago da Faransanci, lamba mai RB, 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, wannan Kwatano ce. Motar tana iya zama gaskiya, amma ba ta shigo ƙasar ba tukuna, kuma maganar kwastan tana gabanka. Lokaci ma shaida ne. Mutum ya ce jiya ya ɗauka, muna tsakiyar hunturu ƙura ta rufe gari, hoton kuma ciyawa kore shar, ƙasa jiƙe, hadari a sama. Wannan hoton damina ne, ya yi aƙalla wata uku, kuma a wata uku mota tana iya yin hatsari sau biyu.

Akwai ƙaramar dabara da ke taimakawa a nan. WhatsApp da Facebook suna matse hoto, su kuma share bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa. Ka ce ya sake turo hotunan ta Document maimakon ta Gallery. Ta haka fayil ɗin yakan zo yadda yake, da cikakken girmansa. Ka ajiye shi ka buɗe Details a wayarka, ko a kwamfuta ka sa manhajar exiftool ka yi amfani da wannan umarni:

```
exiftool -DateTimeOriginal -Model -Software -GPSPosition hoto.jpg
```

Zai nuna ranar ɗauka, irin wayar, manhajar da ta taɓa shi, da wurin in an kunna. Wanda ya ɗauki hoto da wayarsa zai turo fayil mai nauyin megabayit biyu zuwa biyar ko fiye, da rana da sunan waya. Wanda ya kwaso zai turo ƙaramin fayil na kilobayit ɗari ko ɗari biyu, babu komai a ciki. Sunan fayil ma yakan yi magana: mai farawa da `Screenshot` ko `FB_IMG` ko mai `WA` a tsakiya ba daga kyamararsa ya fito kai tsaye ba. Iyakar dabarar ita ce ana iya sauya waɗannan bayanai, kuma dillali na gaskiya da maigidansa ya tura wa hotuna shi ma ba zai samu na asali ba. Don haka rashinsu tambaya ce, ba hukunci ba.

Sai maganar lahanin da aka ɓoye. Kafin ka nemi abin da aka goge, ka lissafa abin da ba a nuna ba. Talla mai gaskiya tana da kusurwa huɗu, gefe biyu a miƙe, gaba, baya, rufi, injin, cikin but, kujerun gaba da na baya, da mita injin na aiki. Idan hotuna biyar na waje duk daga gefen direba ne, lahanin yana ɗaya gefen. Motar da aka ɗauka a jiƙe, ruwa na sheƙi a jikinta, ruwan ya cike ƙarce da dusashewar fenti, ka ce a ɗauka a bushe. Hoton magariba ko na cikin rumfa yana ɓoye bambancin launi tsakanin ƙofa da madigadi, kuma ruwan azurfa yana cikin launukan da suka fi wuyar daidaitawa in an sake fenti, don haka a hasken rana gefen da aka fesa yakan fi duhu ko haske kaɗan. Mutum a tsaye jingine da madigadi, ko tsumma a kan dashbod, ko rigar sitiyari sabuwa, kowanne yana iya rufe wani abu.

Idan an gyara hoton da gaske, jikin mota da kansa yake kai ƙara, saboda fenti madubi ne. Ka nemi layin da ya miƙe a cikin sheƙin ƙofa, kamar bakin katanga, ko wayar lantarki, ko rufin gini. A lafiyayyen ƙarfe layin yana tafiya santal daga ƙofar gaba zuwa ta baya. Inda ya yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa, akwai loɓawa ko an cike da fila, wannan lahanin mota ne. Inda ya yanke kwatsam ya ɓace sannan ya ci gaba, ko ya narke ya zama dishi-dishi, wannan hannun mai gyaran hoto ne. Ka zuƙo sosai ka duba ƙwayar hoton: kowane hoton waya yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa a ko'ina, wurin da aka goge kuma yakan yi sumul fiye da kewayensa kamar an shafa man shanu. Wani lokaci za ka ga abu ɗaya ya maimaitu, ɗigon laka biyu masu siffa ɗaya a jere, domin an kwafi wuri mai kyau an liƙa a kan mai tabo. Abin goge abu da ke cikin wayoyin yanzu yakan rikice a inda layuka suka haɗu, don haka ka duba tsagar ƙofa, bakin fitila, da layin intalok a ƙarƙashin bamba. Idan an ɗauke motar duka aka ɗora a wani wuri, tayoyin za su yi kamar suna shawagi, babu baƙar inuwa a inda suka taɓa ƙasa, inuwar motar ta nufi wani gefe ta bishiya ta nufi wani, jikinta kuma yana nuna gine-ginen da babu su a wurin.

Za a ce maka ka sa hoton a FotoForensics, shafin da ke neman alamar gyaran hoto. Ba na ba ka shawarar dogara da shi. Hoton da ya bi ta Facebook da WhatsApp an matse shi sau biyu ko uku, kuma hasken da shafin zai nuna a gefen tambari da fitila yakan zama na matsewar ne. Wanda bai saba ba zai zargi mai gaskiya, ya kuma wanke maƙaryaci.

Alamun gyaran fanel bita sun fi na gyaran hoto yawa, kuma ana ganinsu in hoton yana da girma. Tsagar da ke tsakanin bonet da madigadi ta zama faɗi ɗaya hagu da dama, kusan milimita 3 zuwa 5, ba ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa ba. Fitila ɗaya garau ɗaya ta yi ja-ja a motar 2010, an sauya ɗaya, kuma fitila ba ta cika fashewa ita kaɗai ba. A hoton injin ka duba kusoshin da suka riƙe madigadi: fentin kansu ya ƙwarzane idan sifana ta taɓa su. Toyota da yawa na Amurka suna da ƙananan sitikun lambar casis a bonet da madigadi da ƙofofi da but, wanda ya rasa tasa an sauya shi ko an fesa a kai. Don ruwa kuma, ka ce a tura kujera baya a ɗauki ƙarfen da take gudu a kai, a ɗaga kafet ɗin but a ɗauki ramin safaya, a jawo bel har ƙarshe. Tsatsa, busasshiyar laka, ko layin tabo a bel, duk ruwa ne.

Mita tana buƙatar hoto biyu. Na farko an murɗa makulli ba a tayar ba: fitilar injin, ta ABS, da ta jakar iska dole su kama. Na biyu injin na aiki, allurar juyi ta tashi daga sifili, fitilun kuma sun mutu. Fitilar jakar iska takan kama na kusan daƙiƙa shida sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam an cire ƙwanta ko an rufe ta da tef, kuma wannan yakan nufin babu jaka a cikin sitiyarin. Ka kula ko mil take ƙirgawa ko kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A saman kusurwar gilashin gaba sau da yawa akwai 'yar sitikar canjin mai da aka liƙa a Amurka, mai nuna mitar da za a sake juye, kuma masu rage mita sukan manta da ita.

Ga yadda abin zai iya kasancewa da hotuna irin naka, a matsayin misali. Binciken Lens bai fito da komai ba. Hotuna biyar na waje a gida ɗaya suke, motar maƙwabta tana da lambar Kaduna, ƙura a sama daidai da lokacin. Zuwa nan mutumin yana da gaskiya. Amma babu hoton kusurwar gaba ta dama, hoton mita kuma injin a kashe yake, yana nuna mil 78,000. Ka nemi casis, ya turo, ta fara da `2T1`, na goma `A`, fenti `1F7`, komai daidai. Ka sa ta a Google sai ga ta a gwanjo wata bakwai da suka wuce: Front End, bonet a naɗe ta dama, jakar sitiyari a waje, mita mil 164,000. Ka koma hotonsa na gaba, yanzu da ka san inda za ka duba, sai ka ga fitilar dama ta fi ta hagu haske, tsagar bonet kuma ta fi faɗi a dama. Babu hoto ɗaya da aka sata, babu wanda aka goge, amma an rage mil 86,000, an ɓoye hatsari, kuma sai an buɗe sitiyari za a san ko an mayar da jaka. Ga dalilin arahar nan, kuma lambar casis ce ta fito da shi.

Idan motar ta tsallake duk wannan, saura kiran bidiyo, kai tsaye, ba wanda aka naɗa aka turo ba. Ka sa lokaci da rana. Ya fara daga bakin titi ya nuna maka allon wani shago, ya tako zuwa motar ba tare da yankewa ba, ya nuna casis ta gilashi, ya buɗe ƙofa ya nuna sitika, ya taɓa injin da hannu don ka san a sanyi yake, ya murɗa makulli ka ga fitilu, sannan ya tayar. A tsakiyar haka ka sa shi abin da bai shirya ba: ya kunna sigina ta hagu, ya karya sitiyari har ƙarshe, ya ɗora ledar fiya wata a kan bonet. Takarda mai kwanan wata a hoto ana iya liƙa ta da manhaja, wannan kuwa ba a iya shirya shi tun jiya. Uzurin da za ka ji idan babu motar sanannu ne: kyamara ta lalace, babu sabis, motar tana bariki ko hannun kwastan, yaron da ke da makulli ya fita.

Ko bidiyon ya yi kyau, abin da ya nuna shi ne mutumin yana iya kaiwa ga motar. Bai nuna tasa ce ba, domin kowa zai iya shiga garejin wani ya ce mai saye ne ya ɗauki bidiyo. Kafin alƙalami a kan motar da ba ka taɓa ba sayen kifi a ruwa ne, kuma Kano zuwa Kaduna tafiyar 'yan sa'o'i ce da kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya nema ba. Ka je da bakanike da na'urar duba kwamfutar mota, ka riƙe ƙaramin maganaɗisu a naɗe da ƙyalle don gwada inda aka cike da fila, tunda ba ya kamawa sosai a wurin. Ka gwada casis ɗin da ke jikin motar da wadda ke takardun kwastan harafi bayan harafi, ka tabbatar da biyan harajin a ofishin kwastan da kanka. Kuɗin kuma ya shiga asusun da sunansa ya yi daidai da na takardar ciniki, a gaban shaidu, makulli da takardu suna kan tebur.